Takardar kora kan babban laifi: batun mai kula da sito da buhu 40 na shinkafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da harkar ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mai kula da sitonmu shekararsa shida da mu, albashinsa naira 90,000. Ranar 14 ga Janairu ya fitar da buhu 40 ba da sa hannun manaja ba, sai ranar 20 da muka yi ƙidaya muka gano. Ya amsa da bakinsa a gabana da maigadi. Mai kamfani ya ce in rubuta masa takardar kora yau, in sa cewa sata ya yi, kuma a riƙe albashinsa sai ya dawo da mashin da makullai. Yaya zan tsara takardar, kuma dole ne in sa maganar ɗaukaka ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka roƙi Alhaji mai kamfanin ya yi haƙuri, kada takardar nan ta fita yau. Takardar kora ita ce shafi na ƙarshe a fayil, kuma naku fayil ɗin babu komai cikinsa tukuna sai maganar baki. Duk jimlar da za ka rubuta a ciki, ka ɗauka wata rana lauya zai ɗaga ta a gaban alƙali ya ce ina takardar da ke bayanta. Kotun Ƙoli ta daɗe da tsayawa a kan haka, kamar yadda ta yi a shari'ar Shell da Olarewaju a 2008: mai aiki da ya faɗi dalilin kora, shi zai tabbatar da dalilin har kotu ta gamsu. Amsawar da ya yi a gabanka ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Gobe zai ce tsoro aka ba shi, ko ya ce bai faɗa ba sam. Shaidarka ɗaya kuma maigadi ne, wanda ta ƙofarsa motar ta fita, don haka shi ma akwai tambaya a kansa.

Doka ba ta hana ku kora ba tare da notis ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya shekara biyar ko fiye wata ɗaya ake ba shi, amma ƙaramin sashe na 5 ya bar wa mai aiki damar raba gari nan take idan halin ma'aikacin ya kai ga haka. Fitar da kayan da aka ba mutum amanarsu ya kai. Abin da ya rage shi ne a ji ta bakinsa a rubuce kafin a yanke.

Wannan ba zai ci muku fiye da mako biyu ba. Yau ka karɓi makullan sito a gaban shaida, a sake ƙidaya tare da shi, ya sa hannu a kan adadin da aka samu. Ka ba shi takardar dakatarwa, kuma albashinsa na tafiya sai in takardar ɗaukarsa aiki ko littafin ƙa'idojinku ya ba da damar dakatarwa ba biya. Tare da ita ka ba shi takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, mai ɗauke da rana, adadin buhu, lambar mota da ƙa'idar da ake zargin ya karya, a ba shi awa 48 ya amsa da rubutun hannunsa. A shari'ar Imonikhe da Unity Bank a 2011 Kotun Ƙoli ta ce kweri da amsarsa sun wadatar a matsayin sauraro. Duk da haka, idan ya musanta ko ya ce manaja ne ya ba shi umurni ta waya, ku zaunar da kwamiti na mutum uku waɗanda ba shaidu ba ne. A nuna masa littafin sito da na get, a bar shi ya yi wa maigadi da manaja tambayoyi, a rubuta abin da aka faɗa kowa ya sa hannu. Kai kanka shaida ne tunda a gabanka ya amsa, saboda haka ba ka cikin masu yanke hukunci.

Kada kuma ku ja lokaci ta ɗaya ɓangaren. Idan kun san laifin kuka bar shi yana buɗe sito wata uku yana karɓar albashi, zai iya cewa kun yafe, kuma kotu na sauraron irin wannan hujja.

To, a ce an bi wannan: kweri ranar 21 ga Janairu, amsarsa ranar 23, zaman kwamiti ranar 28, kuma kwamitin ya same shi da laifi. Takardar za ta fita ranar 3 ga Fabrairu a kan takarda mai tambarin kamfani, da lambar fayil, cikakken sunansa, lambarsa ta aiki, muƙaminsa da adireshin da ke fayil ɗinsa. Zan ba ka lafazin da Hausa don ka ga abin da kowace jimla ke ɗauke da shi. Yawanci da Turanci ake bugawa tunda shi ne harshen kotu, amma in Turancinsa bai nuna ba, ka haɗa da fassarar Hausa, a karanta masa, wanda ya karanta ya rubuta sunansa ya sa hannu a ƙasa.

Sakin layin dalili shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ga yadda ya kamata ya zo:

"Ranar 14 ga Janairu, da misalin ƙarfe 5:40 na yamma, ka fitar da buhu 40 na shinkafa mai kilo 50 daga sito na biyu zuwa mota mai lamba kaza, ba tare da takardar fitar da kaya mai sa hannun manaja ba, kuma ba ka shigar da fitar a littafin sito ba. Ƙidayar ranar 20 ga Janairu ta nuna giɓin buhu 40. An ba ka takardar tuhuma ranar 21, ka amsa ranar 23, ka kuma bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar 28. Ka ce manaja ne ya umurce ka ta waya. Kwamiti bai karɓi wannan bayani ba, domin manajan ya musanta a gabanka, kuma ƙa'ida ta kaza a littafin ma'aikata ta hana fitar da kaya da umurnin baki. Wannan babban laifi ne a ƙarƙashin sashe na kaza na littafin. Saboda haka an kore ka daga aiki ba tare da notis ba, daga yau 3 ga Fabrairu."

Ka lura babu kalmar sata, babu ɓarawo. Ba don tausayinsa ba ne. Abin da za ku iya tabbatarwa da littafin get, littafin sito da takardar ƙidaya shi ne kaya sun fita ta hannunsa ba izini, ba a rubuta ba, kuma ba su dawo ba. Da zarar ka rubuta sata, ka ɗora wa kamfani zargin aikata laifi na fili, kuma Dokar Shaida ta ce wanda ya kafa ƙararsa a kan zargin laifi, ko da a shari'ar da ba ta laifi ba, sai ya tabbatar da shi ba tare da sauran kokwanto ba. Kenan sai kun nuna inda shinkafar ta je da wanda ya ci kuɗin. Ko sata ce ko cin amana, sanya wa abin suna aikin kotun laifi ne. Ba kuma sai kun jira ta ba: a shari'ar Arinze da First Bank a 2004 Kotun Ƙoli ta ce mai aiki na iya korar ma'aikaci kan laifin aiki ba sai an gurfanar da shi an same shi da laifi ba. In Alhaji na son kai ƙara wurin 'yan sanda, wannan hanya ce dabam, kada takardar kora ta rataya a kanta. Masu rubuta "an kore ka saboda 'yan sanda sun kama ka" su ne ke shiga uku ranar da aka sallami mutumin.

Akwai wani abu da masu kamfani ke so, wato a zazzage duk tsohon haushi a takardar: yana makara, ya taɓa zagin direba, bara ma an rasa buhu biyar. Ka ƙi. Duk laifin da bai fito a kweri ba, ba a ji ta bakinsa a kai ba, kuma shigar da shi yana raunana wanda kuka tabbatar. Dalili ɗaya mai takarda ya ishe ku. Haka kuma kada a gudu ɗaya gefen a rubuta "kamfani ba ya buƙatar aikinka" don a kauce wa bayani. Da can wannan lafazin na wucewa, amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba kyakkyawan tsarin aiki na duniya a sashe na 254C, kotun na neman dalili ingantacce, kamar yadda ta yi a shari'ar Aloysius da Diamond Bank a 2015. Ban da haka, wannan lafazin na sallama ne, ba na kora ba, kuma sallama na jawo kuɗin notis na wata ɗaya da sauran haƙƙoƙin barin aiki. Takarda ɗaya ba ta zama kora da sallama a lokaci guda. Ku zaɓi ɗaya. In hujjarku ta yi rauni bayan zaman kwamiti, misali manajan ya fara kame-kame a kan maganar wayar, to gara ku tsaya ku sake lissafi da ku buga kora.

Ranar fara aikin korar ma tarko ce. Za a ce maka ka mayar da ita 14 ga Janairu, ranar da abin ya faru, don kada a biya shi sauran watan. Kora ba ta komawa baya. Tana farawa ranar da aka yanke aka kuma isar masa, kuma albashin da ya riga ya ci guminsa kafin ranar nasa ne komai girman laifin.

Sai ɗaukaka ƙara. Dokar Ƙwadago ba ta tsara ɗaukaka ƙara ta cikin gida ba, daga takardar ɗaukar aiki, littafin ma'aikata ko yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago take fitowa. In tana cikin littafinku, dole ce, kuma tsallake ta karya yarjejeniya ne. In babu, ni dai shawarata ku sa. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda Kotun Ma'aikata ke yawan dubawa ko da yake Nijeriya ba ta rattaba mata hannu ba, ta yi maganar dalili ingantacce, damar kare kai, da damar kai kuka gaban wanda ba ya da hannu a hukuncin. Amfanin ma naku ne: in akwai kuskure, gara ku gano shi a ofis cikin mako biyu da a gano muku shi a kotu bayan shekara biyu.

"Kana da damar ɗaukaka ƙara a kan wannan hukunci. Ka rubuto dalilanka zuwa ga darakta wane, wanda bai shiga binciken ba, ka miƙa a ofishin kula da ma'aikata ko ta adireshin imel kaza, kafin ƙarfe 4:00 na yamma ranar 10 ga Fabrairu. Za a saurare ka cikin kwana 7 da karɓar takardarka, kana iya zuwa da abokin aiki ɗaya ko wakilin ƙungiya, kuma za a ba ka sakamako a rubuce. Korar na nan daram har a yanke. Idan aka soke ta, za a mayar da kai aiki tare da albashin kwanakin da suka wuce."

Ka ga an sa rana da ƙarfe, ba a ce "cikin mako guda" kawai ba, don kada a yi ta jayayya kan ko daga ranar bugawa ake ƙirgawa ko daga ranar karɓa. In littafinku ya faɗi adadin kwanaki, shi za ka bi.

Matsalarku ta gaske ita ce wa zai saurara. Alhaji ya riga ya ce a kore shi tun kafin a tambaye shi komai, don haka ɗaukaka ƙara zuwa gare shi wasa ne, kura ce za a kai wa ƙarar kura. A kamfanin iyali mafita ita ce a raba matakan tun yanzu: kwamiti ya bincika, manajan da ba shi ne ake ambata a maganar wayar ba ya sa hannu a takardar kora, sannan a ajiye wani darakta ko wani dattijo masanin aiki daga waje don ɗaukaka ƙara. In Alhaji ne kaɗai mai ikon sa hannu a kora bisa tsarinku, to shi ya sa, wani ya saurari ƙarar. Kuma kada ka rubuta cewa hukuncin kamfani shi ne na ƙarshe, ba shi da damar zuwa ko'ina. Kuna iya cewa nan matakan cikin gida suka ƙare, amma ƙofar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ta Kotun Ma'aikata, wadda ke da reshe a Sakkwato, ba ku ke rufe ta ba. Rikicin kora can yake zuwa, ba kotun majistare ko kotun shari'a ta gari ba.

Ka kuma sa rai da baƙi. Kafin kwana uku za ka ga yayansa, ko limamin unguwarsu, ko wani daga gidan hakimi sun zo ban haƙuri. A karɓe su da mutunci, amma zuwansu ba ya maye gurbin ɗaukaka ƙara, ba ya kuma tsayar da kwanakinta. In Alhaji ya sauko ya ce a mayar da korar ajiye aiki don a rufa masa asiri, a yi shi a rubuce: a janye takardar farko da wata takarda, shi kuma ya rubuto tasa da hannunsa ba tilas. "Shi kenan, ya wuce" da aka faɗa a zaure ba ya goge abin da ke fayil.

Yanzu kayan kamfani. "Ka dawo da duk kayan kamfani da ke hannunka" jimla ce da ba ta kama kowa. A lissafa su ɗaya bayan ɗaya yadda ba za a musanya ba:

"Ka miƙa waɗannan ga jami'in kula da ma'aikata a ofishin get ranar 6 ga Fabrairu, tsakanin ƙarfe 10:00 na safe da 12:00 na rana: mashin ƙirar kaza mai lambar rajista kaza da lambar inji kaza, tare da takardunsa da makullansa biyu; sauran makullan sito na ɗaya da na biyu da ke hannunka, guda huɗu; wayar kamfani da layinta; katin shaidar aiki; littafin takardun fitar da kaya daga lamba kaza zuwa kaza; da hatimin sito. Za a duba kowanne a gabanka a ba ka rasit. Kayanka na kanka da ke ofis za ka kwashe su a wannan lokaci tare da rakiya."

Lambar inji ta fi lambar rajista muhimmanci, don faranti ana cire shi, kuma mashin kan dawo da tsohon inji a cikin sabon jiki. Ka ɗauko takardar da ya sa wa hannu ranar da aka ba shi mashin ɗin, in akwai, ka gwada da ita. In babu, a yanzu ka ga amfaninta, sai ka nemo rasit ɗin saye da takardun mota masu sunan kamfani. Makullai kuwa ko ya dawo da su ku canza kwaɗon, don yankan makulli ba ya ɗaukar minti goma a kasuwa. Littafin fitar da kaya da hatimi sun fi mashin haɗari: da ganye ɗaya mai hatimi ana iya fitar da wata motar, ko a karɓi kuɗi a hannun dillali a Jega da sunanku. Ka ƙirga ganyen da suka rage a gabansa. A ranar kuma a cire shi daga zauren WhatsApp na kamfani, a canza kalmar sirrin manhajar sito, a sanar da dillalai da direbobi da jimla ɗaya cewa wane ba ya aiki da mu daga rana kaza. Kada a faɗi dalili, kada a sa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo, don ƙarar ɓata suna takan fi buhu 40 tsada.

Riƙe albashi shi ne wurin da zan fi ja da Alhaji. Mai kula da sito aikin akawu yake yi, don haka yana cikin waɗanda Dokar Ƙwadago ta rufe, kuma sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi don hukunci. Cirewa saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko sakaci sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. A wurinsa naira 30,000 kenan. In ka ƙaddara buhu a naira 70,000, asarar ta kai miliyan 2 da dubu 800. Ka ga riƙe albashin ba zai dawo da shinkafa ba, sai dai ya ba shi ƙara mai sauƙin ci a kanku. Lissafin albashi dabam, na kaya dabam, na asara dabam.

Don haka takardar ta faɗi abin da za a biya shi da ranar biya: albashin Janairu naira 90,000 in ba a biya ba, da na kwana uku na Fabrairu, wanda in kuna raba albashi da kwanakin wata zai kama naira 9,643, da kuɗin hutun da ya tara bai ci ba gwargwadon tsarinku. Ta faɗi cewa babu kuɗin notis. Garatuti ya danganta da abin da littafinku ya ce game da wanda aka kora, in bai ce komai ba ka tambayi lauyanku kafin ka rubuta cewa ya rasa shi. Fansho ba ya cikin abin da ake taɓawa: in kuna cikin tsarin Dokar Fansho ta 2014, kashi 8 nasa da kashi 10 na kamfani da ke asusunsa mallakarsa ne, kuma na watannin da ba ku tura ba sai kun tura. Game da shinkafar, jimla ɗaya ta isa: kamfani na riƙe da haƙƙinsa na neman diyyar buhu 40 ta hanyar doka. In shi da danginsa sun yarda su biya kaɗan-kaɗan, a rubuta wannan a takarda dabam da shaidu, ba a cikin takardar kora ba. In ya ƙi dawo da mashin, a aika masa takardar tunatarwa mai sabon wa'adi, sannan lauya. Kada a tura samari gidansa su ɗauko.

Ka buga kwafi biyu, ka miƙa masa hannu da hannu a ofis, ba a tsakar kamfani gaban leburori ba. Ya sa hannu a kwafinku da rana da lokaci, ka kuma gaya masa sa hannun na nufin ya karɓa ne, ba ya yarda ba, don da yawa saboda wannan suke ƙi. In ya ƙi duk da haka, ka rubuta a jikin kwafin cewa an miƙa masa ya ƙi sa hannu, mutum biyu su shaida, sannan a aika ta kamfanin kai saƙo zuwa adireshin da ke fayil ɗinsa a ajiye rasit, a kuma tura hotonta ta WhatsApp a adana shaidar isarta. In takardar ba ta kai hannunsa ba sai ranar 5, ka matsar da wa'adin ɗaukaka ƙara da na dawo da kaya da kwana biyu, ka sanar da shi a rubuce.